Yadda ake mayar da kashi cikin ɗari zuwa ainihin adadi a zanen da'ira da jadawali

Tambaya: "Malam, ina shirin rubuta jarrabawar neman aiki, kuma sashen da ke ba ni wahala shi ne inda ake kawo zanen da'ira da aka yanka kashi-kashi, ko jadawali mai cike da kashi cikin ɗari, a ce a fitar da ainihin adadi. Lissafin kansa na iya shi, amma sau da yawa sai amsata ta fito cikin zaɓin da aka bayar kuma ta zama ba daidai ba. Ina nake kuskure?"

Amsa:

Ɗan'uwa, tun da amsarka tana fitowa cikin zaɓin da aka bayar amma ba ta zama daidai, to kusan tabbas ninkawa da rabawarka lafiya lau suke, matsalar tana wajen adadin da kake ɗora kashin a kansa. Masu tsara irin waɗannan tambayoyi sun san inda ɗalibai ke zamewa, saboda haka sukan yi lissafin kuskuren da gangan su sanya sakamakonsa cikin zaɓin, domin wanda ya bi ta wannan hanya ya ga amsarsa a rubuce hankalinsa ya kwanta. Kashi cikin ɗari ba ya tsayawa shi kaɗai, dole akwai wata jimla da aka ɗauke ta a matsayin ɗari, kuma kafin ka taɓa alƙalami aikinka na farko shi ne ka gano wace jimla ce wannan. Zan ɗauki misali guda ɗaya mu bi shi daki-daki, domin kusan duk dabarun da ake sakawa a wannan sashe za su fito daga cikinsa.

A ce an ba ka zanen da'ira mai nuna yadda ɗaliban wata kwaleji suka rarrabu a sassa biyar, kuma a ƙarƙashin zanen an rubuta cewa jimlar ɗaliban 2,400 ce. Sashen kimiyya yana da kashi 30 cikin ɗari, kasuwanci kashi 25, injiniya kashi 20, adabi kashi 15, shari'a kuma kashi 10. Kafin ka karanta tambaya ta farko, ka tara kason nan ka ga ko sun kai ɗari, kuma a nan sun kai. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin wani lokaci akan bar yanki ɗaya babu lamba a kansa, ana so ka samo shi ta hanyar ɗebe jimlar sauran daga ɗari. Daga nan sai ka karanta taken zanen da abin da aka rubuta a ƙasansa da ƙananan baƙaƙe, domin a nan ne ake faɗin ko lambobin cikin dubbai suke ko cikin miliyoyi, kuma wanda bai lura da haka ba zai yi lissafi daidai ya ba da amsar da ta gaza ta gaskiya sau dubu.

Hanyar da na fi yarda da ita wajen fitar da adadi ita ce a fara neman darajar kashi ɗaya. Idan ɗalibai 2,400 su ne kashi ɗari, to kashi ɗaya shi ne 2,400 ÷ 100, wato ɗalibai 24. Ka rubuta wannan lamba a gefen zanen, domin za ta yi maka aiki a duk tambayoyin da suka rataya a kansa, waɗanda galibi sukan kai huɗu ko biyar. Kimiyya ta zama 30 × 24, wato 720. Kasuwanci 25 × 24, wato 600. Injiniya 480, adabi 360, shari'a 240. Idan ka tara su za ka koma kan 2,400, kuma wannan komawar ita ce shaidar cewa ba ka yi tuntuɓe a hanya ba. Akwai masu fifita mayar da kashin zuwa lamba mai ɗigo su ninka, kamar 0.15 × 2,400, kuma amsar ɗaya ce, sai dai idan babu kalkuleta a hannu ɗigon yakan gusa ba tare da mutum ya sani ba, kashi 5 ya koma 0.5 maimakon 0.05, amsa ta ninku sau goma.

Yana da kyau kuma ka san wasu kason a ka, ba sai ka yi lissafi ba. Kashi 50 rabi ne, kashi 25 ɗaya bisa huɗu, kashi 20 ɗaya bisa biyar, kashi 10 ɗaya bisa goma, kashi 12.5 ɗaya bisa takwas. Da wannan za ka iya duba amsarka cikin daƙiƙa biyu: rubu'in 2,400 shi ne 600, kuma shi muka samu a kasuwanci.

Wani lokaci ba a rubuta kashi a kan yankunan ba, sai a rubuta girman kusurwarsu da digiri. Da'ira cikakkiya digiri 360 ce, kuma ita ce ke wakiltar kashi ɗari, saboda haka kashi ɗaya daidai yake da digiri 3.6. A misalinmu kimiyya za ta zama digiri 108, kasuwanci 90, injiniya 72, adabi 54, shari'a 36. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya ga 54 a kan adabi ya ɗauke ta kashi 54 cikin ɗari, ya ninka da 24 ya sami 1,296, alhali ɗaliban adabi 360 ne. Alamar da za ta farkar da kai tana gabanka: yankin da ya kai kashi 54 dole ya wuce rabin da'irar, shi kuwa yankin adabi bai kai ko rubu'i ba. Haka kuma idan ka tara lambobin da ke kan zanen ka sami 360 maimakon 100, ka san da digiri kake aiki.

Idan digiri aka ba ka, kada ka nemi darajar digiri ɗaya sai ka ga rabawar za ta fita ba saura. A nan 2,400 ÷ 360 tana ba da 6.666 da ba ta ƙarewa, kuma idan ka datse ta zuwa 6.7 ka ninka da 54 za ka sami 361.8, wadda ba ta cikin zaɓi, ko kuma ta sa ka zaɓi wata lamba ta kusa da ita. Abin da ya fi shi ne ka ajiye kusurwar bisa 360 ka rage ta: 54/360 ita ce 3/20, sannan 3/20 na 2,400 shi ne 360 cif. Ƙa'idar da ke nan ta shafi kowane lissafi na wannan sashe, wato a jinkirta datse lamba har zuwa mataki na ƙarshe. Kuma kada ka yi ƙoƙarin auna kusurwa da ido domin fitar da amsa, domin ido ba ya rarrabe yanki mai kashi 23 da mai kashi 26 idan ba kusa da juna suke ba, balle kuma sau da yawa akan rubuta cewa zanen ba a kan ma'auni aka yi shi ba. Ido yana da amfani wajen ƙin amsar da ta yi nisa da hankali, kamar 1,296 ɗin can, amma lambar da aka rubuta ita ce abin dogaro.

Sai kuma yanayin da ba a ba da jimlar ba ko kaɗan. A ce an goge 2,400 daga ƙarƙashin zanen, an ce maka kawai ɗaliban adabi 360 ne, ana tambayar ɗaliban injiniya. Mai gaggawa zai ga 15 da 360 kusa da juna ya fitar da kashi 15 na 360, ya sami 54. Amma 360 ba ita ce ɗari ba, ita ce kashi 15 ɗin kanta. Tunda kashi 15 shi ne 360, kashi ɗaya shi ne 360 ÷ 15, wato 24, kuma mun dawo kan lambar da muka sani. Injiniya 20 × 24 ce, 480, jimla kuma 2,400. Haka abin yake idan bambanci aka ba ka, misali a ce ɗaliban kimiyya sun fi na shari'a da mutum 480. Tazarar da ke tsakanin kashi 30 da kashi 10 kashi 20 ce, kuma tunda dukkansu daga jimla ɗaya aka yanke su, 480 ÷ 20 ta sake ba mu 24. Duk inda aka ba ka wani adadi na gaske, ka tambayi kanka kashi nawa yake wakilta a zanen, ka raba shi da wannan kashin, sauran aikin ninkawa ce kawai.

Inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne inda ake haɗa zanen da'ira da jadawali, domin a nan ne mafi yawan maki ke zubewa. A ce kusa da zanen an kawo jadawali mai nuna kason mata a kowane sashe: kimiyya kashi 45, kasuwanci kashi 50, injiniya kashi 25, adabi kashi 60, shari'a kashi 70. Da farko ka lura cewa waɗannan lambobi idan an tara su 250 suke bayarwa, kuma wannan ba kuskuren bugu ba ne. Kason da ke cikin zanen duk daga jimla ɗaya suke, shi ya sa suka haɗu suka ba da ɗari, su kuwa na jadawalin kowanne da tasa jimlar. Kashi 45 na kimiyya daga cikin ɗalibai 720 ne, kashi 25 na injiniya daga cikin 480, kashi 70 na shari'a daga cikin 240. Lambar nan 24 da ta yi mana aiki a zanen ba ta da hurumi a jadawalin, kuma wanda ya ninka 45 da 24 ya sami mata 1,080 a sashen da duka ɗalibansa 720 ne ya kamata ya tsaya nan take, domin ɓangare ba ya fin abin da aka ciro shi daga ciki.

Lissafin da ya dace mataki biyu ne. Daga zanen ka fitar da yawan ɗaliban sashen, sannan daga jadawalin ka fitar da kason mata na wannan adadin. A kimiyya kashi 45 na 720 shi ne 324. A kasuwanci rabin 600 ne, 300. A injiniya rubu'in 480 ne, 120. A adabi kashi 60 na 360 shi ne 216, a shari'a kuma kashi 70 na 240 shi ne 168. Jimlar mata ta zama 1,128, maza kuma 2,400 − 1,128, wato 1,272.

Yanzu duba abin da waɗannan lambobi suka bayyana wanda jadawalin shi kaɗai ya ɓoye. Idan aka tambaye ka wane sashe ne ya fi yawan mata, ido zai kai ka ga shari'a domin 70 ce lamba mafi girma, amma matan shari'a 168 ne, na kimiyya kuma 324, kusan ninki biyu, duk da cewa kason kimiyya 45 ne kawai. Babban kashi na ƙaramar jimla yana iya gaza ƙaramin kashi na babbar jimla. Amsar shari'a za ta zama daidai ne kawai idan tambayar ta ce a wane sashe ne mata suka fi rinjaye a kan maza, kuma wannan wata tambaya ce dabam, ko da yake kalmominsu sun yi kama.

Haka nan idan aka ce mata kashi nawa ne na dukkan ɗaliban kwalejin, akwai hanya mai sauƙi da ke jan mutum, wato ya tara kason biyar ya raba da biyar, 250 ÷ 5, ya sami kashi 50. Amsar gaskiya ita ce 1,128 ÷ 2,400 × 100, wato kashi 47. Dalilin saɓanin shi ne hanyar farko ta ba shari'a mai ɗalibai 240 nauyi daidai da kimiyya mai 720, alhali ƙaramin sashe ba zai ja jimla da ƙarfin babban sashe ba. Ba a ɗaukar matsakaicin kaso ta wannan hanya sai idan sassan duk girmansu ɗaya ne, ko kuma a yi dace lambobin su faɗo daidai, kuma ba a gina amsa a kan dace. Ina tabbatar maka cewa a tambaya irin wannan za ka tarar da 50 tana zaune cikin zaɓin kusa da 47, kuma ina kyautata zaton irin wannan ne ya sha faruwa da kai.

Domin ka ga yadda jimlar da ake ɗora kashi a kanta take sauya komai, ɗauki matan injiniya 120 ɗin nan. Idan aka ce kashi nawa ne na ɗaliban injiniya, 120 ÷ 480 ce, kashi 25. Idan aka ce kashi nawa ne na dukkan ɗaliban kwalejin, 120 ÷ 2,400 ce, kashi 5. Idan kuwa aka ce kashi nawa ne na dukkan matan kwalejin, 120 ÷ 1,128 ce, kimanin kashi 10.6. Mutanen ba su canja ba, su ɗin nan 120 ne, amma amsoshi uku ne kuma kowace daidai take a wurinta. Abin da ke nuna maka wadda ake so shi ne kalmomin da suka biyo bayan "na" ko "daga cikin" a tambayar, kuma shawarata ita ce ka ja layi a ƙarƙashinsu da fensir, ka rubuta adadinsu a ƙasan layin rabawa tun kafin ka rubuta na sama. Tambaya ta biyun, wadda ta shafi dukkan ɗaliban kwalejin, tana da gajeriyar hanya: kashi 25 na kashi 20 shi ne rubu'in 20, wato 5, ba tare da an taɓa 2,400 ba. Kashi na wani kashi ninkawa ake yi, ba tarawa ko ɗebewa ba.

Sauran abin da ya rage shi ne kwatanta zane biyu. A ce an kawo zanen shekara ta biyu inda ɗaliban suka ƙaru zuwa 3,000, kimiyya tana da kashi 27, kasuwanci 26, injiniya 25, adabi 12, shari'a 10. Da'irorin biyu galibi girmansu ɗaya a takarda, shi ya sa mutum yake mantawa cewa jimlarsu ba ɗaya ba ce. A wannan zane kashi ɗaya ɗalibai 30 ne, ba 24 ba, kuma adadin ya zama kimiyya 810, kasuwanci 780, injiniya 750, adabi 360, shari'a 300.

Yankin kimiyya ya ragu daga kashi 30 zuwa 27, amma ɗalibanta sun ƙaru daga 720 zuwa 810. Yankin adabi ya ragu daga 15 zuwa 12, amma ɗaliban suna nan 360 babu ƙari babu ragi. Yankin shari'a bai motsa daga kashi 10 ba, amma an sami ƙarin ɗalibai 60. Duk wanda ya amsa tambayar ƙaruwa ko raguwa ta hanyar kallon yankunan kawai zai faɗi a dukkan ukun. Raguwar yanki tana nufin sashen bai girma da saurin da kwalejin baki ɗaya ta girma ba, ba ta nufin mutane sun ragu. Kwalejin ta ƙaru da 600 a kan 2,400, wato kashi 25 cikin ɗari, saboda haka duk sashen da ƙaruwarsa ta gaza kashi 25 yankinsa zai tsuke, wanda ya ƙaru da kashi 25 daidai kamar shari'a yankinsa zai tsaya yadda yake, wanda ya wuce haka kuma yankinsa zai faɗaɗa.

Idan aka tambayi da kashi nawa ɗaliban wani sashe suka ƙaru, ƙa'idar ita ce:

(sabon adadi − tsohon adadi) ÷ tsohon adadi × 100

A kimiyya, 90 ÷ 720 × 100 ta ba da kashi 12.5. A injiniya ƙarin 270 ne a kan 480, wato kashi 56.25. Lura da cewa tsohon adadi ne ke ƙasa, domin daga shi aka tashi. Wanda ya raba 270 da 750 zai sami kashi 36, kuma wannan ma ka sa ran ganinta cikin zaɓi. A injiniyar nan akwai lambobi uku da ake ruɗewa a tsakaninsu. Yankinta ya tashi daga 20 zuwa 25, tazarar maki 5 ke nan a ma'aunin kashi. Yankin kansa ya girma da 5 a kan 20, wato kashi 25 cikin ɗari na girmansa na da. Yawan ɗaliban kuma ya ƙaru da kashi 56.25. Tambayar da ta ambaci "yawan ɗalibai" ta ukun take so, wadda ta ambaci "kason sashen" kuma ɗaya daga cikin biyun farko, gwargwadon ko ta ce da maki nawa ko da kashi nawa.

Wannan bambanci yana aiki har a cikin zane ɗaya. A shekarar farko, idan aka ce ɗaliban kimiyya sun fi na injiniya da kashi nawa cikin ɗari, amsar ba 10 ba ce, ko da yake 30 − 20 ita ce 10. Goman nan kashi 10 ne na dukkan kwalejin, wato mutum 240, amma tambayar tana auna kimiyya ne da injiniya, saboda haka 240 ÷ 480 ce, kashi 50. Idan aka juya aka ce injiniya ta gaza kimiyya da kashi nawa, mutum 240 ɗin ne dai, amma yanzu da kimiyya ake aunawa, 240 ÷ 720, kimanin kashi 33.3. Wanda ake kwatantawa da shi, shi ne ke zuwa ƙasa.

A nan akwai wurin rage aiki da ya kamata ka sani. Muddin yankunan biyu daga zane ɗaya suke, ba ka buƙatar mayar da su adadi kafin ka kwatanta su, domin 24 ɗin tana sama tana ƙasa, tana share kanta. Goma bisa ashirin ita ce dai kashi 50, kuma kimiyya da injiniya 3 ne da 2 ko ka duba 30 da 20 ko ka duba 720 da 480. Wannan yana nufin ko da ba a ba da jimla ba, irin wannan tambaya tana da amsa. Amma wannan sauƙi yana ƙarewa da zarar ka tsallaka daga zane ɗaya zuwa wani, ko daga layi ɗaya na jadawalin mata zuwa wani layin, domin a can jimlolin sun bambanta kuma babu abin da zai share wani. Idan aka kawo zane biyu na shekaru biyu ba tare da jimlar kowanne ba, kuma ba a faɗi yadda jimlolin suke da juna ba, aka ce a wace shekara ɗaliban kimiyya suka fi yawa, to amsar daidai ita ce bayanin da aka bayar bai isa ba. Ɗalibai da yawa suna jin tsoron wannan zaɓi suna ganin kamar gazawa ce, alhali a wannan yanayi shi kaɗai ne gaskiya, tunda mun gani da idonmu kashi 27 ya fi kashi 30 yawan mutane, kuma da jimlar shekara ta biyu 2,400 ce da akasin haka ne zai faru.

Game da jadawali shi kaɗai ba tare da zane ba, abin dubawa shi ne ta wace fuska kason ke haɗuwa su ba da ɗari. Ka tara layi ɗaya a kwance, sannan ka tara ɗaya a tsaye. Idan na kwance ne ya ba da ɗari, jimlar kowane layi na kwance ita ce abin ɗora kashi, idan na tsaye ne to jimlar da ke ƙasansa ce, idan kuma sai an tara dukkan gidajen jadawalin kafin a kai ɗari, to babbar jimla guda ce ta kowa. Akwai kuma jadawalin da kasonsa ke wuce ɗari da nisa saboda an bar kowane mutum ya zaɓi abu fiye da ɗaya, kamar a tambayi ɗalibai darussan da suke so. A irin wannan za ka iya fitar da adadin kowane gida daga jimlar waɗanda aka tambaya, amma ba za ka tara gida biyu ka ce ga yawan mutanen ba, domin wasu an ƙirga su sau biyu.

Idan kuwa kason suka haɗu suka ba da 99 ko 101, wannan galibi daga datse lambobi ne, kamar abu da aka raba uku daidai aka rubuta 33 sau uku. Wannan yana da tasiri a kan amsarka. Idan an datse kason zuwa cikakkiyar lamba, kashi 15 da aka rubuta yana iya zama komai daga 14.5 zuwa dab da 15.5, wanda a jimlar 2,400 ke nufin daga ɗalibai 348 zuwa kusan 372. A jarrabawa ana ɗaukar lambar da aka rubuta a matsayin cikakkiya sai dai in an ce "kimanin", amma idan lissafinka ya ba ka mutum 361.8 a tambayar da ba ta ce kimanin ba, kada ka yi saurin datsewa ka zaɓi mafi kusa. Tambayar da aka tsara da kyau a kan mutane ko motoci ko littattafai takan fita ba saura, saboda haka guntun mutum a amsa alama ce da ke cewa ka koma ka duba ko ka datse wata lamba da wuri, ko kuma ka ɗora kashin a kan jimlar da ba tasa ba.